Ina Kason Marigayi Ya Tafi?

Bayan sadakar arba'in, dangi suka zauna a zauren wani gida a unguwar Bolari da ke Gombe domin lissafa abin da marigayi ya bari. Ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, ya rasu ya bar mahaifiya, mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Malamin da aka kira don rabon gado ya rubuta mota, buhunan masara da ke sito, da kuɗin banki. Da aka zo kan gidan da ke da shaguna huɗu a gabansa, wanda duk unguwa ta san na marigayin ne da ƙanensa, sai ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta malam, wannan kar a saka shi. Lauya ya duba takarda ya ce gidan ya zama nawa ni kaɗai tun ranar da Yaya ya cika."

Babban ɗan marigayi ya ce, "Baffa, ai da kuɗin Baba aka saya."

"Ban musa ba. Ni ma abin ya ɗaure min kai."

Ƙanen nan ba macuci ba ne, shi ne ma yake ciyar da marayun tun ranar rasuwa. Lauyan da ya gani shi ma bai yi masa ƙarya ba. To ta yaya mutum zai kwana da haƙƙi a gida, ya mutu da asuba, kafin a yi masa wanka haƙƙin ya ɓace?

Aka fara da takarda. Yarjejeniyar saye ce da lauya ya rubuta da Turanci, aka sami amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya tanada. Sunan wa da ƙane suna jere a matsayin masu saye. Ba a faɗi kason kowa ba. Babu rabi da rabi, babu kashi biyu da kashi ɗaya. Wannan shirun shi ne tushen rikicin.

Jihohin Arewa, har da Gombe da aka cire daga Bauchi a 1996, sun gaji dokar Ingila kamar yadda take a ranar 1 ga Janairu, 1900. A wannan doka hanya biyu ce mutane ke mallakar ƙasa tare. Ta farko mallakar dunƙule ce, lauyoyi na ce mata joyin tenansi. A cikinta babu mai kaso. Doka na kallon masu gidan tamkar mutum ɗaya, kowannensu ya mallaki gidan duka tare da ɗan'uwansa. Idan ɗaya ya mutu babu abin da zai shiga gadonsa, domin dama ba shi da wani yanki nasa na kansa. Wanda ya rage a raye ya ci gaba da riƙe dukan gidan, kuma ko wasiyya marigayin ya bari a kan gidan ba za ta yi aiki ba, saboda haƙƙin mai rai ya riga ta tabbata. Ta biyu mallakar kaso-kaso ce, wato tenansi in kwaman. Nan kowa na da kasonsa sananne, ko da ba a ja layi a ƙasa ba. Kamar mutum biyu ne suka zuba masara a rumbu ɗaya: ba wanda zai nuna ƙwayoyinsa, amma kowa ya san buhu nawa ya zuba, in ya mutu buhunansa na magadansa ne. Ƙa'idar tsohuwar dokar Ingila kuwa ita ce, in an sayar wa mutum biyu ƙasa ba tare da kalmar da ke nuna rabo ba, to dunƙule ce.

Ga inda lauyan ƙanen ya tsaya, kuma a kan fuskar takarda yana da gaskiya.

Ɗan marigayi ya kai takardar wurin wata lauya. Ta fara da neman ko dunƙulen ya cika sharuɗɗansa huɗu, domin in ɗaya daga cikin ukun ƙarshe ya faɗi, mallakar ta koma kaso-kaso. Shin kowannensu na da ikon shiga ko'ina a gidan? Yana da shi. Haƙƙinsu iri ɗaya ne, na tsawon wa'adi ɗaya? Haka ne. Daga takarda ɗaya suka samo shi? Ƙwarai. A lokaci ɗaya? Rana ɗaya suka sa hannu. Duka huɗun sun cika, wannan ƙofa ta rufe.

Sai ta nemi ko marigayin ya warware dunƙulen tun yana raye. Wata shari'a ta Ingila ta 1861, tsakanin Williams da Hensman, ta bayyana hanyoyi uku: mutum ya yi wani abu da haƙƙinsa, kamar ya sayar wa wani, ko su biyun su yi yarjejeniyar rabawa, ko mu'amalarsu ta nuna sarai cewa duka biyun sun ɗauki gidan a matsayin mai kaso. Matar marigayi ta ce ya sha faɗa mata a ɗaki cewa shagunan gefen hagu na yara ne. Lauyar ta ce, "Hajiya, na yarda ya faɗa. Amma maganar da ya yi miki ke kaɗai, ƙanensa bai ji ba, ba ta warware komai." Wannan ya yi wa matar ciwo, kuma ina ganin ciwon yana bisa hanya, domin mijinta bai taɓa sanin akwai wani ƙulli da zai warware ba. Shi a saninsa, abin da mutum ya saya da guminsa na 'ya'yansa ne.

Saura tambaya ɗaya, wadda da ita ya kamata a fara: kuɗin wa aka biya, kuma don me aka sayi gidan?

Amsar ba ta cikin akwatin takardu. Tana cikin wani littafin lissafi mai baƙin bango da ke ƙarƙashin tebur a rumfarsu ta kasuwa, gefensa ya yi dauɗa da ƙurar dawa, rabinsa da boko rabinsa da ajami. Ƙanen da kansa ya ɗauko shi, wannan kuwa abin a yaba masa ne. A shafin watan da aka sayi gidan, da hannun marigayi, an rubuta kuɗin gida naira miliyan 12: miliyan 8 daga ribarsa, miliyan 4 daga ta ƙanensa. Shafukan da ke biye sun nuna hayar shaguna ana raba ta kashi uku duk shekara, biyu ga wa, ɗaya ga ƙane. Takardun banki na wannan wata suka gaskata littafin.

Da wannan aka warware matsalar, domin dokar Ingila da muka gada ba ƙafa ɗaya gare ta ba. Tare da tsohuwar dokar akwai ƙa'idojin adalci na kotun da Turawa suka kafa don rage tsaurinta, kuma waɗannan ƙa'idoji ba sa son haƙƙin mai rai ya cinye na mamaci inda alamu suka nuna ba haka aka nufa ba. Idan masu saye sun biya kuɗi ba daidai ba, ana ɗaukar cewa kowa na da kaso gwargwadon abin da ya biya. Haka ma idan abokan kasuwanci ne suka saya don neman riba. An tsayar da wannan tun 1732 a shari'ar Lake da Craddock, kan wasu mutane da suka haɗa kuɗi suka sayi ƙasar da ruwa ya mamaye don su gyara ta su ci riba. Gidan Bolari ya faɗa cikin duka biyun. Sakamakon shi ne suna a takarda ya koma kan ƙane, amma kashi biyu cikin uku amana ce a hannunsa ta magadan yayansa. Kason marigayi bai je ko'ina ba. Lauyan farko takarda kaɗai aka nuna masa, bai ga littafin ba.

Malamin rabon gado da ya ji bayanin bai yi mamaki ba. A fiƙihun Malikiyya da ake hukunci da shi a nan, tarayya a mallaka ba ta da fuska biyu. Kowane abokin tarayya na da kasonsa, kuma da ya mutu kason ya zama gado bayan an fitar da kuɗin jana'iza, bashi da wasiyya. Hanyoyin biyu suka haɗu wuri ɗaya.

Aka yi wa gidan kuɗi naira miliyan 36. Kason marigayi miliyan 24. Matarsa ta sami tumuni, miliyan 3. Mahaifiyarsa ta sami sudusi, miliyan 4. Saura miliyan 17 aka kasa biyar: kowane ɗa namiji miliyan 6 da dubu 800, 'yar miliyan 3 da dubu 400. Ƙanen bai gaji komai daga kason yayansa ba, domin ɗa namiji na katange ɗan'uwa. Miliyan 12 ɗinsa na nan ba wanda ya taɓa.

Littafin ya yi aiki ne saboda takardar ta yi shiru. Da ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa sun zaɓi dunƙule kuma amfanin gidan duka na wanda ya rage ne, da zato ba shi da wurin shiga, domin ba a zato inda aka yi furuci. Akwai kuma waɗanda wannan tsari ya dace da su sosai. Mata da miji Kirista da suka yi auren rajista, suka gina gida a Tumfure da albashinsu, suna iya rubuta shi da gangan don kada dangin miji su zo su kori matar bayan rasuwa. Wannan kariya ce ta gaske. Amma Musulmin da ya sa hannu a irin wannan sharaɗi ya jefa iyalinsa tsakanin kotu biyu. Sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ya bai wa Babbar Kotu hurumin shari'ar filin da gwamna ya ba da haƙƙinsa, sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗora ɗaukaka ƙarar gadon Musulmi a kan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. A ganina kyautar da ba ta tabbata sai bayan mutuwa wasiyya ce ko da wane suna aka kira ta, wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi, ba ta kuma halatta ga magaji sai da yardar sauran. Don haka 'yan'uwa ko abokan kasuwa da za su sayi gida tare su sa lauya ya rubuta kason kowa da lamba a cikin takardar, ya karanta musu da Hausa kafin su sa hannu.

Rabon lissafi bai raba gini ba. Sashe na 24 na dokar 1978 ya hana a yanka haƙƙin da gwamna ya bayar gida biyu ko fiye saboda mutuwar mai shi sai da amincewar gwamna. Magadan suka ga cewa datsa gidan zai karya darajarsa, suka kuma san cewa in ɗayansu ya sayar wa bare kasonsa, abokan tarayya na da haƙƙin shufa'a, su biya kuɗin su karɓe. Suka zaɓi barin gidan yadda yake. Aka rubuta sabuwar takarda mai sunayen mutum shida, kowa da kasonsa a gaban sunansa, aka shigar da ita hukumar GOGIS don neman amincewa da rajista. Hayar shaguna kuwa ana ci gaba da raba ta kashi uku: ɗaya ga Baffa, biyu a bi lissafin malam.