Batirin laftof: a bar shi jone da wuta, ko a ƙayyade masa caji?

A shagunan gyaran kwamfuta, gargaɗin da aka fi yi wa mai sayen laftof shi ne: da zarar ta cika, cire caja, in ba haka ba cajin zai yi wa batir yawa ya ƙone shi. Wannan magana ta tsufa. A cikin kowace laftof ta zamani akwai wani ɗan sashe mai kula da caji, wanda yake datse wutar da ke shiga batir idan ya cika, ya bar na'urar ta ci gaba da shan wuta kai tsaye daga caja. Caji ba ya wuce ɗari bisa ɗari ko da an kwana ana jone.

Amma masu gargaɗin ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Batirin da ke zaune a cike wata da watanni yana saurin tsufa, ko da ba a taɓa aiki da shi ba. Zaman da yake yi a cike shi ne matsalar.

Batirin laftof ƙwayoyin litiyam ne guda biyu, uku, huɗu ko fiye a haɗe. Kowace ƙwaya tana kai kimanin 4.2V idan ta cika, wasu na zamani ma har 4.4V, alhali a tsakiyar cajinta wajen 3.7V take. A wancan matakin na sama, ruwan sinadarin da ke cikin ƙwayar yana ruɓewa a hankali, wani ɓawo yana taruwa a jikin sassanta, yana cinye litiyam ɗin da ya kamata ya riƙa kai-komo yana ɗaukar caji. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Kamar robar danƙo ce: wadda aka ja ta har ƙurewa aka ɗaure ta a haka ta fi saurin saki a kan wadda ake ja ana sakewa. Zafi kuma yana hanzarta wannan ruɓewar sosai. Alƙaluman da kamfanin Cadex na Kanada ya daɗe da wallafawa sun nuna cewa batirin da aka ajiye shekara guda a cike, a zafin digiri 25, yakan rage da kusan kashi 80 na ƙarfinsa, wanda aka ajiye da cajin kashi 40 kuwa yakan riƙe kusan 96. A digiri 40, cikakken yakan faɗo zuwa wajen 65. Batura sun bambanta, kuma na yau sun fi na da juriya, amma tsarin bai canza ba. Duk wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san cewa digiri 40 ba abin da ake nema a ɗakin gwaji ba ne, balle a ce laftof ɗin tana aiki a kan katifa, ƙofofin iskarta a toshe.

Wannan ne ya sa kamfanoni suka fito da tsarin ƙayyade caji, wato a umarci laftof ta tsaya a kashi 80 ko 60 maimakon ta cike. Kowane kamfani da inda ya ɓoye nasa. A ASUS yana cikin manhajar MyASUS, inda a tsofaffin samfura ake zaɓa tsakanin 100, 80 da 60. A Lenovo yana cikin Lenovo Vantage da sunan Conservation Mode. Masu HP EliteBook da ProBook, waɗanda suka cika kasuwar kwamfutoci na hannu a ƙasar nan, sai su danna F10 lokacin kunnawa su shiga BIOS, su nemi Battery Health Manager, su zaɓi Maximize my battery health, wanda ke tsayar da caji a 80. Dell na da Primarily AC Use, MacBook kuma na da Optimized Battery Charging, wanda yake lura da yadda mutum ke aiki ya riƙe cajin a 80 har zuwa lokacin da yake hasashen za a cire caja. Wasu ƙananan laftof masu araha ba su da tsarin sam.

To, yana aiki? Yana aiki, amma ribarsa ta danganta da yadda ake amfani da na'urar, kuma yana da farashi. A ɗauki laftof mai batirin 50,000 mWh wadda ke shan kimanin wat 10 wajen rubutu da duba intanet. A cike za ta yi awa biyar. In an tsayar da ita a 80, awa huɗu za ta bayar, a 60 kuwa awa uku. Ma'aikacin ofis da ke da sola ko inbata, wanda laftof ɗinsa ba ta barin tebur sai jefi-jefi, bai yi asarar komai ba da wannan ragin, domin ba ya amfani da awannin tun farko, kuma shi ne batirinsa ya fi zama a cike. Gare shi 60 ma ta yi. Ɗalibin da ke samun wuta awa uku a rana kuwa lissafinsa daban ne. Batirinsa ba ya daɗewa a cike, da ya cika an ɗauke wuta ya fara sauka, don haka cutar da tsarin yake magani ba ta cika damunsa ba. In ya ƙayyade caji, ya zubar da awa guda ta karatu kowace rana don ribar da ba ta taka kara ta karya ba. A ganina ya cika abinsa, ya mai da hankali ga zafi da kuma guje wa barin batir ya ƙare ƙarƙaf har na'urar ta mutu da kanta. Wanda ke tsakanin biyun ya bar ta a 80, ranar tafiya ya ɗage takunkumin ya cika.

Ba sai an yi ta cece-kuce ba, ana iya auna lafiyar batir. A Windows, a buɗe Command Prompt a rubuta:

```
powercfg /batteryreport
```

Zai fitar da rahoto ya kuma faɗi inda ya ajiye shi. A ciki a duba DESIGN CAPACITY, wato ƙarfin batir yana sabo, da FULL CHARGE CAPACITY, abin da yake iya ɗauka yanzu. In na farko 50,000 ne na biyu 36,000, saura kashi 72 ke nan, kuma "ɗari bisa ɗari" da ke nunawa a allo ɗari ce ta 36,000. Idan CYCLE COUNT kaɗan ne, a ce 60, amma ƙarfin ya zube haka, akwai alamar zama a cike da zafi ne suka ci shi, ba yawan aiki ba. Mai sayen laftof na hannu ya yi wannan gwajin a gaban mai shago kafin ya biya.

Bayan an kunna tsarin, laftof za ta nuna tana jone amma ba ta caji, ta tsaya cak a 80 ko 60. Da yawa sukan ruga wajen mai gyara ko su sayi sabuwar caja, alhali lafiyarta ƙalau. Haka kuma batirin da ya yi watanni bai cika ba bai kuma sauka ba, ma'auninsa yakan rikice, ya nuna 30 sai kawai na'urar ta ɗauke. Maganin shi ne duk bayan 'yan watanni a cika shi, a yi aiki da shi har ya yi ƙasa sosai, a sake cikawa. Wannan ma'aunin kawai yake daidaitawa, ba ya dawo da ƙarfin da ya riga ya tafi.

Batirin da ya kumbura kuwa ya wuce maganar ƙayyade caji. Ana gane shi idan wurin goga yatsa ya tuɗo ko ya ƙi dannuwa, ko ƙasan laftof ya fara buɗewa, ko ta daina zama daidai a kan tebur. Iskar gas ce ta taru a cikin ƙwayoyin, kuma tana iya jawo gobara. A kashe na'urar, a cire caja, kada a danna ko a huda batirin, a kai wa mai gyara ya canza shi.