Neman aiki a intanet: yadda yaron shago zai rubuta kansa masu ɗaukar ma'aikata su gan shi

Duk wanda ya san kasuwannin bakin iyaka, tun daga Ɗan Isa da Jibiya har Birnin Ƙonni da Illela, ya san cewa rufe iyaka ba ƙaramin ciwo ba ne ga yaran da suke cin abinci a bayan manyan 'yan kasuwa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A duk lokacin da hakan ta faru, Alhaji yana da abin da zai taɓa ya ci, amma yaron da yake cike masa takardun duwan ko yake riƙe masa littafin mangaza sai zaman benci. Da yawa daga cikin waɗannan samari sun yi lakwal, sun iya lissafi, suna jin harsuna biyu ko uku, kuma sun san hanya da kaya fiye da wanda ya fito jami'a jiya. Matsalarsu ɗaya ce: ba wanda ya san da su in ban da ubangidansu da direbobin gingimari.

Wannan ne ya sa muka zauna da wani matashi a Maraɗi, wanda ya shekara 6 yana taimaka wa wani mai fitar da kaya a duwan, don mu ga yadda ya gyara shafinsa a dandalin LinkedIn. Shi dai wannan dandali an buɗe shi ne a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016, kuma a nan ne manyan kamfanonin jigilar kaya, bankuna da ƙungiyoyin agaji sukan leƙa idan suna neman ma'aikata. Buɗe shafi kyauta ne, kuma wayar salula ta isa.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara ganewa shi ne yadda mai ɗaukar ma'aikata yake nema. Ba ya bin shafuka ɗaya bayan ɗaya kamar mai zagayen rumfuna ranar kasuwa. Akwatin bincike yake buɗewa, ya rubuta sunan aikin da yake so, ya zaɓi gari ko ƙasa, wani lokaci ya ƙara sunan wata na'ura ko wani harshe. Injin sai ya kawo masa mutanen da waɗannan kalmomi suke cikin shafinsu. Wanda kalmar ba ta cikin shafinsa da wuya ya fito, ko da kuwa ya fi kowa iya aikin. Kuma a jerin da zai fito, abin da ido yake fara gani shi ne hoto, suna, gari, da layi guda da ke ƙarƙashin sunan. Wannan layi shi ake kira Headline, ko kuma Titre du profil ga wanda wayarsa take kan Faransanci.

To, matashin namu abin da ya fara rubutawa a wannan layi shi ne À la recherche d'un emploi, wato ina neman aiki. Gaskiya ya faɗa, amma ya yi wata da watanni ba wanda ya tuntuɓe shi, domin ba mai ɗaukar ma'aikata da zai zauna ya rubuta "mai neman aiki" a akwatin bincike. Tamkar mai shago ne ya kafa allo a ƙofa ya rubuta "ina son ciniki", bai faɗi ko atamfa yake sayarwa ko siminti ba. Wasu kuma, mun gani da idonmu, sai su rubuta Businessman ko Homme d'affaires, kalmar da ta haɗa mai rumfar goro da mai jiragen ruwa. Wanda bai rubuta komai ba kuwa, dandalin da kansa zai ɗauko sunan aikinsa na yanzu da na wurin aikin ya liƙa masa.

Layin yana ɗaukar haruffa har 220, amma a waya farkonsa kaɗai ake gani a wurare da dama, saboda haka abin da ya fi muhimmanci shi ake sawa gaba. Kafin ya sake rubuta nasa, matashin ya karanta sanarwar neman ma'aikata kamar guda 10 na irin aikin da yake so, ya ɗauki biro ya rubuta kalmomin da suke ta maimaituwa. Da su ya gina wannan:

Aide déclarant en douane | Transit et dédouanement Niger-Nigeria | SYDONIA World, Excel | Haoussa, français, anglais | Maradi

Haruffa 125 ke nan, kuma kowane yanki da aikinsa. Na farko sunan sana'ar ne kamar yadda kamfanoni suke kiranta, wato mataimakin mai cike takardun duwan. A lura, bai kira kansa cikakken mai lasisi ba, tunda ba shi da lasisin, kuma ƙarya irin wannan tambaya ɗaya take tona ta a ranar ganawa. Na biyu ya nuna hanyar da ya sani. Na uku kayan aikin da hannunsa ya saba da su ne: tsarin kwamfuta da duwan take amfani da shi wajen shigar da bayanin kaya, da kuma manhajar lissafi. Sai harsuna, sai gari. Batun harsuna kada a raina shi. Yaron bakin iyaka da zai yi Faransanci da jami'in duwan da safe, ya yi Turanci da na kwastan da rana, ya yi Hausa da direba da yamma, yana da abin da kamfanin da ke zaune a Yamai ko Legas yake nema da kuɗi, amma sau da yawa shi bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Wani zai tambaya, da wane harshe za a rubuta? Da harshen wanda ake so ya karanta. Dandalin yana ba da damar a yi shafi ɗaya da harsuna biyu, don haka matashin ya yi na Faransanci, sannan ya ƙara na Turanci inda ya sa Clearing and forwarding assistant, domin da wannan suna ake neman aikin a ɓangaren Najeriya. Sunansa kuwa ya rubuta shi daidai da yadda yake a katin ɗan ƙasa da takardun makaranta. Mun san halinmu: mutum ɗaya Mahamadou ne a wannan gefen, Muhammadu a wancan, a waya kuma wani laƙabi ne daban. Idan sunan shafi ya saɓa da na takarda, mai tantancewa yakan yi shakka ya wuce. Haka kuma a wurin gari ya zaɓi Maraɗi, ko da yake yawancin yininsa a Ɗan Isa yake, saboda mai bincike babban gari yake zaɓa.

Sai kuma taƙaitaccen bayani, wanda ake samu ƙarƙashin About ko Infos. Wurin yana ɗaukar haruffa har 2,600, amma layuka kaɗan na farko ne suke bayyana, sauran sai mai karatu ya danna kafin ya gani. Nan ne al'adarmu take ba mu matsala. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, saboda haka matashin ya fara da doguwar gaisuwa da godiya ga Allah da iyaye, sannan ya ce shi mutum ne mai gaskiya da riƙon amana. Duka abu ne mai kyau, sai dai sun cinye layukan da ake gani, kuma kowa ma haka yake cewa game da kansa. Mafita ita ce mutum ya bar siffanta halinsa, ya faɗi abin da hannunsa yake yi, da adadi. Wannan ba fariya ba ce, lissafi ne, kuma ɗan kasuwa ya san lissafi.

Ga ma'anar abin da ya koma ya rubuta, mun juya shi zuwa Hausa: "Shekara 6 ina aikin takardun fitar da kaya a kan hanyar Maraɗi zuwa Katsina da Kano. Ina haɗa takardun motoci kamar 15 a wata, yawanci albasa, wake da kayan gini, tun daga rasit da takardar asalin kaya har zuwa fitar mota daga duwan. Ina riƙe lissafin shiga da fita na mangaza a kwamfuta. Ina neman aiki a sashen jigila ko ajiyar kaya, a Maraɗi, Damagaram ko Yamai." Daga nan ya rufe da adireshin da za a aika masa da saƙo. Bai kai rabin wurin da aka ba shi ba, kuma mu a ganinmu ya wadatar.

Abin da bai rubuta ba shi ma darasi ne. Bai ambaci sunayen Alhazan da yake yi wa aiki ba, bai faɗi kuɗin kayansu ba, domin shafin a buɗe yake ga kowa, har da ɓarayi da abokan gasa. Bai sa hoton katin ɗan ƙasa ko fasfo ba. Hoton fuskarsa ya ɗauka da rana a jikin farin bango, da riga mai tsabta, ba na biki da aka yanke kafaɗar aboki ba. Kalmomin da ya sa a layin sama kuma ya maimaita su a sashen ayyukan da ya yi da na ƙwarewa, wato Compétences ko Skills, domin binciken yana duba can ma.

Akwai wani maɓalli da ake kira Open to Work, wanda yake nuna mutum a shirye yake ya karɓi aiki. Zaɓi biyu gare shi: ko kowa ya gani, har a zagaye hoton da koren zobe, ko kuma masu ɗaukar ma'aikata kaɗai. Matashin na biyun ya zaɓa, saboda bai riga ya gaya wa ubangidansa ba. Amma dandalin da kansa ya ce ba ya ba da tabbacin cikakken sirri, kuma a kasuwa magana ba ta kwana. Shawarar da muka ba shi ita ce ya je ya durƙusa ya sanar da Alhaji da bakinsa, tunda ko ba komai, kamfanin da zai ɗauke shi zai so jin shaida daga wanda ya yi wa aiki.

Yaya za a gane gyaran ya yi amfani? A shafin mutum akwai wurin da yake nuna sau nawa ya fito a binciken wasu a cikin mako, da kuma yawan waɗanda suka leƙa shi. Idan bayan mako uku ko huɗu ba ya fitowa, to kalmomin ne ba su dace ba, sai a koma ga sanarwar kamfanoni a sake dubawa. Idan kuwa yana fitowa amma ba a buɗe shafin, laifin na hoto ne ko na farkon layin. Matashin namu ya fara fitowa, har wani kamfanin jigila ya nemi takardunsa, amma a lokacin da muke rubuta wannan bai samu aikin ba tukuna.

Saƙon da ya fara shigo masa ma na ɗan damfara ne, wanda ya yi masa alkawarin aiki a wata ƙungiyar agaji in ya tura jaka 25 ta waya, wai kuɗin buɗe fayil. Kamfanin ƙwarai ba ya karɓar kuɗi kafin ya ɗauki mutum. Abin da ya tona asirin mai saƙon shi ne shafinsa sabo ne fil, ba shi da abokan hulɗa sai 'yan ƙalilan, kuma tun a saƙo na biyu ya matsa a koma WhatsApp. Matashin ya toshe shi, ya kai ƙararsa ga dandalin.