Rikicin bakin famfo: yadda za a hana shi komawa rikicin addini

A sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, Musulmi da Kirista ne suka gudo daga tashin hankali ɗaya, kuma layi ɗaya suke bi wajen ɗiban ruwa da karɓar abinci. Inda ake cunkoso dole a samu saɓani. Sai dai mafi yawan rigimar da ake kira ta addini ba a masallaci ko coci take farawa ba. A bakin famfo take farawa, a kan jarka.

Ga misali. Ranar Lahadi da safe wata mata ta ajiye jarkoki biyu a layi, ta tafi coci. Kafin ta dawo layi ya zo kanta, sai maƙwabciyarta ta ture jarkokin gefe ta ɗebi nata. Ɗaya ta faɗi ta tsage. Da mai jarka ta dawo aka yi cacar baki. Yaron da ya gani ya ruga gida ya ce, "Musulmi sun fasa wa Inna jarka." Kafin azahar labari ya zama wai an hana Kiristoci ruwa. Irin wannan kan faru ranar Juma'a ma, sai dai sunan addinin ne ke canzawa.

Ku lura da inda abin ya lalace. Mutum ɗaya ce ta ture jarka, amma da labari ya bar bakin famfo sai aka daina cewa "wance", aka koma cewa "su". Wannan ita ce alamar farko. Duk wanda aka kawo wa irin wannan labari, ya yi tambaya uku kafin ya tashi: Wa ya yi? Me ya yi? Kai ka gani da idonka, ko ji ka yi? Idan mai labari ya kasa faɗin mutumin, kada a kai maganar gaba.

Idan kuwa an san mutumin, a sasanta a ranar, kada a bari ya kwana. Dattawa biyu ne za su je, ɗaya daga kowane addini, domin idan ɓangare ɗaya ne ya yi hukunci, ɗayan zai ce an yi son kai ko da gaskiya aka bi. A zauna da matan biyu kaɗai, nesa da taro, kowace ta faɗi nata ba tare da an katse ta ba. A tsaya kan jarka da layi. Wadda ta yi ɓarna ta biya ko ta ba da tata, wadda ta yi zagi ta nemi gafara. Dattijo zai iya cewa, "'Yata, jarka muke magana, ba addininki ba." Daga nan a sanar da shugaban unguwa da kwamitin ruwa abin da aka yanke, su faɗa wa jama'a, don gaskiya ta cim ma jita-jita.

Rigakafi ya fi sauƙi. Ku san lokutan ibadar maƙwabtanku: safiyar Lahadi ga Kirista, tsakar ranar Juma'a ga Musulmi, da kuma dab da faɗuwar rana a watan azumi, lokacin da ake gaggawar haɗa abin buɗa-baki. Gida biyu za su iya yin yarjejeniya: ki cika mini jarka ran Lahadi, in cika miki ran Juma'a. Ku kuma nemi kwamitin ruwa ya fito da ƙa'ida ɗaya a kan jarkar da aka bari babu mai ita, ta shafi kowa a kowace rana. Ƙa'idar da ke aiki ran Lahadi amma ba ta aiki ran Juma'a, ita kanta fitina ce.

Iyaye, yara a bakinku suke koyon magana. Idan kuka kira maƙwabci da sunan raini saboda addininsa, gobe yaro zai maimaita a layi ko a makaranta. Ku koya musu su ce Baba, Inna, Malam ko Fasto.

Akwai abin da ya fi ƙarfin sulhun dattawa. Idan an yi duka, ko an zare makami, ko an yi barazana, ko an tsare wani daga ruwa ko rabon abinci saboda addininsa, ko ana matsa wa wani ya bar addininsa, musamman yaro ko budurwa, a kai rahoto ga ma'aikatan kariya ko jami'an tsaron sansani nan take. Kada a tara matasa a tafi ramuwa. Ruwa da abincin sansani haƙƙin kowane ɗan gudun hijira ne, ba a tambayar addini kafin a bayar.