Idan Aka Ce Maka "A Gajarta"

Bara shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar unguwarmu ya dawo mini da sanarwar taron da na rubuta masa, ya ce, "Malam, ta yi tsawo, a gajarta." Na koma gida na hau aski. Na cire doguwar gaisuwa, na soke "kamar yadda kowa ya sani", na haɗe jimloli, kalma 180 ta koma 120. Da na kai masa sai ya leƙa, ya ɗago kai ya ce, "Har yanzu dai da saura." Aikin baban giwa na yi, domin ban tsaya na gano abin da ya dame shi ba.

Wanda ya ce a gajarta, ɗaya daga cikin abu uku yake nufi: ko kalmomin ne suka yi yawa, ko batutuwan, ko kuma Hausar ce ta yi masa nauyi. Shi kansa sau da yawa bai rarrabe ba, don haka tambayar "me kake nufi?" ba ta kai ka ko'ina. Abin da zai ce shi ne, "Kai dai rage."

Tambayar da ta fi aiki ita ce: ina rubutun zai je? Idan wurin yana da iyaka, to kalmomi ne matsalar, kuma ana iya auna ta. Sanarwar rediyo ta daƙiƙa 30 sai ka karanta da babbar murya, agogo a hannu. Saƙon tes na waya harafi 160 yake ɗauka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya ta shiga, iyakar ta sauko zuwa 70, saƙon ya rabu, kuɗin ya ƙaru. A irin wannan ba ka taɓa batu ko ɗaya. Kitse kawai za ka yanke: maimaici, kirari, da "bugu da ƙari".

Idan kuwa babu wata iyaka, sai ka jero masa batutuwan da baki. Abin da na yi ke nan a zuwa na uku. Na ce, "Alhaji, abu biyar ne a ciki: ranar taro, kuɗin jarrabawa, makarar yara, kayan makaranta, da gyaran rijiyar burtsatse. Wanne kake so iyaye su tafi gida da shi?" Bai yi wata-wata ba ya ce ranar taro da kuɗin jarrabawa, sauran a bari sai an hallara. Ashe tsoronsa kada maganar kuɗi ta nutse a tsakiyar sauran. Alamar wannan nau'in ita ce ka rage kashi ɗaya bisa uku na kalmomi amma ƙorafin bai motsa ba. Kuma zaɓen abin da za a zubar haƙƙin mai saƙo ne; idan ka yi gaban kanka, wataƙila ka cire abin da aka kira taron dominsa.

Na ukun ya fi wuyar kamawa, saboda kunya. Dattijo ba zai ce wa ɗan cikinsa "ban gane ba". Zai ce ta yi tsawo. Maganinsa ka roƙe shi ya karanta a gabanka, kai kuma ka sa ido. Wanda tsawo ya dama yakan tsallake layi, idonsa na neman ƙarshe. Wanda nauyi ya dama yakan tsaya a wuri guda, ya koma baya, wani lokaci yatsansa ya dafe kalma ɗaya. Ka ɗauki wannan jimlar: "Za a gudanar da bitar kasafin zango mai zuwa." Sauƙaƙƙiyarta ita ce, "Za mu zauna mu ga nawa za a kashe a zango mai zuwa, da inda kuɗin za su fito." Ta ninka ta farko tsawo, amma ita ce mai karatu zai ce ta fi gajarta. Nan ne masu aski irina ke ɓata lamari, domin matse jimla mai nauyi ƙara mata nauyi yake yi.

Wani lokaci babu damar zama da mutumin, ko kuma girmansa ya hana yawan tambaya. Sai ka ɗauki sakin layi na farko kaɗai ka yi masa siga biyu, ɗaya matsattsiya, ɗaya cikin Hausar yau da kullum, ka aika ka ce, "Ranka ya daɗe, wacce ta fi kusa?" Nuna abu ya fi wa mutane sauƙi a kan bayyana shi.

Sanarwar Alhaji dai ta fita da batu biyu. Ya kuma sa na mayar da gaisuwar da na cire tun farko, ya ce ba a kiran iyaye babu sallama.