Karkacewar Ƙashin Baya a Shekarun Balaga: Yaushe Ake Jira, Yaushe Ake Tiyata?

Sau da yawa tela ne ke fara lura: ya auna yarinya 'yar shekara 12, rigar ta fito gefe ɗaya ya fi sauka, kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya. Likitoci na kiran wannan sikoliyosis, wato ƙashin baya ya karkace gefe yana kuma murɗewa. Irin wanda ke bayyana daga shekara 10 zuwa ƙarshen girma ba a gano sababinsa ba, ko da yake yakan bi dangi, kuma ya fi tsananta a 'yan mata. Ba tallan da take ɗauka ba ne, ba jakar makaranta ba.

A asibiti, kamar na ƙashi da ke Dala a Kano, za a sa ta duƙa hannuwa a sake. Idan haƙarƙarin gefe ɗaya ya taso, sai a ɗauki hoton ƙashi tana tsaye. Likita zai nemo ƙashin da ya fi jirkicewa a saman lanƙwasar da wanda ya fi a ƙasanta, ya ja layi a kan kowanne, ya auna kusurwar da ke tsakaninsu. John Cobb ne ya bayyana wannan hanya a 1948. Daga digiri 10 ake kiransa ciwo, kuma sai bambancin hoto biyu ya wuce digiri 5 ake cewa ya ƙaru, domin awon kansa yakan yi kuskuren da ya kai haka.

Lambar ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Sai an haɗa da sauran girman da ya rage. A ce yara biyu duk suna da digiri 28. Ta farko 'yar 11 ce, ba ta fara al'ada ba, ƙashin ƙugunta a hoto yana matakin Risser 0, cikin matakan da ke ƙarewa a 5. Tsawonta na gaba, lanƙwasar kuma takan gudu ne lokacin da yaro ke miƙewa. Ta biyu 'yar 16 ce, Risser 4. Ita sa ido ya wadatar.

Ta farkon ake yi wa rigar roba mai tauri, wadda aka tanada ga masu digiri 25 zuwa 40 da ba su wuce Risser 2 ba. Rigar ba ta miƙar da baya, hana shi ƙaruwa take yi. Wani babban bincike da aka buga a 2013 ya nuna kashi 72 cikin 100 na masu rigar ba su kai digiri 50 ba, a kan kashi 48 na marasa ita. Wahalar ita ce awa 18 a rana da ake so, ga zafin bazara, ga tsiyar ƙawaye. Rigar da ke kwana a ƙarƙashin gado ba ta aikin komai.

Idan ya kai digiri 45 zuwa 50 ake maganar tiyata, saboda irin wannan yakan ci gaba da kusan digiri ɗaya a shekara ko bayan girma ya tsaya. Ana ɗaure ƙasusuwan da sanduna da kusoshin ƙarfe har su haɗe, wurin kuma ya daina lanƙwasuwa ke nan.

Ciwon da ke tada yaro cikin dare, zazzaɓi, rama ko sanyin ƙafa ba halin wannan lalura ba ne. Nan sai a binciki tarin fuka na ƙashin baya ko matsalar laka.