Ƙarfe Takwas na Dare, Bayan An Rabu

Duk wanda ya taɓa rabuwa da masoyi ya san ciwon yana da lokutansa. Akwai farkawar asuba, sa'ad da mutum kan ɗan jima bai tuna ba, sannan abin ya faɗo masa a ƙirji. Akwai bayan isha'i, lokacin da aka saba yaro ya leƙo ya ce "wai ana sallama da wance", ko waya ta yi ƙara. Sai kuma talatainin dare. Masu ba da baki sukan ce "ki yi haƙuri, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri", kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai wannan ba ya gaya wa mutum abin da zai yi da kansa da ƙarfe takwas na dare.

A 2010 wata masaniya a Amurka, Helen Fisher, da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 15 da masoyansu suka guje su ba da jimawa ba. Da aka nuna wa kowa hoton wanda ya bar shi, sai aka ga sassan da ke motsawa sun haɗa da waɗanda ke aiki a ƙwaƙwalwar mai shan ƙwaya idan jarabar ta taso masa. Ita kuwa jaraba lokaci da wuri ne ke tayar da ita, kamar yadda mai taba kan laluba aljihu da zarar ya gama cin abinci. Saboda haka makonnin farko ba na yi wa zuciya wa'azi ba ne, na gyara tsarin yini ne, domin kada waɗannan lokutan su sami mutum shi kaɗai, hannunsa ba kome sai waya.

Mu ɗauki misali. A ce budurwa ce mai shekara 24, tana ɗinki a shagon yayarta. Shekara biyu ana tare, har manya sun fara maganar sa rana, sai abin ya watse. Kwana huɗu ke nan ba ta runtsa sai wajen ƙarfe uku, tana makara sallar asuba, ta koma ta kwanta har sha ɗaya, ba ta zuwa shago.

Abin da za ta fara kamawa shi ne lokacin tashi, ba na kwanciya ba. Barci ba ya zuwa don an matsa masa, amma tashi yana hannun mutum. Ta tsayar da lokaci ɗaya, a ce na asuba, ko da awa uku kawai ta samu. Idan gari ya waye ta fito tsakar gida ta yi minti ashirin a cikin haske, shara ce ko wanke-wanke, domin hasken safiya ne ke saita agogon jiki. Kwana biyu ko uku na farko za ta yini a galabaice, kuma wannan gajiyar ce za ta jawo barci da wuri. In dole ne ta rama, ta ɗan kishingiɗa bayan azahar, kada ya wuce rabin awa. Ta karya kumallo ko ba ta jin yunwa, koko da ƙosai biyu sun isa. Ta tafi shago, ko aikin rabin yini za ta iya.

Sai waya, kuma nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Wani bincike da Tara Marshall ta wallafa a 2012, kan mutum 464, ya nuna masu leƙen shafin tsohon masoyi a Facebook sun fi daɗewa cikin ƙunci da bege. Kowane leƙe fami ne. Ga irin wannan budurwar, "na daina dubawa" ba tsari ba ne, domin da ƙarfe biyu na dare alkawari ba ya aiki. Tsari shi ne ta ɓoye status ɗinsa na WhatsApp da na ƙannensa, ta tura hirarsu cikin Archive, hotuna da saƙonnin murya kuma ta kwashe su ta ba wata ƙawa ajiya. Ni ban cika goyon bayan a goge kome cikin fushi a daren farko ba. Sau da yawa nadama ce ke biyowa, sai a sami hujjar kiransa a ce ya turo. Idan akwai abin da ya zama dole a yi magana a kai, kamar mayar da kayan sa rana ko bashi, a bar wa kawu ko gwaggo. Al'ada ta riga ta tanadi wannan.

Yanzu mu koma ƙarfe takwas. Awar zance ta shekara biyu ta zama rami, kuma ba a cike rami da kwanciya a ɗaki. Tun da rana za ta shirya abin da za ta yi a lokacin, kuma ya kasance da mutum a ciki, da aikin hannu: kitso, tsince shinkafar gobe da Umma, yi wa ƙanne tilawa, sa maɓalli a kayan da aka kawo daga shago. Wayar tana caji a ɗakin wani. Waƙoƙin soyayya da finafinansu a ɗage su zuwa wata mai zuwa. Saurayi ma haka, gara ya zauna majalisa ko gidan kallon ƙwallo da ya hau babur ya bi ta layinsu "don hanya ce".

Kuka fa? Yana da nasa gurbin. Masana halayyar ɗan Adam suna da wata dabara ta ware wa damuwa lokaci: minti ashirin zuwa talatin kullum, a wuri ɗaya, da sauran rana. Bayan la'asar ya dace. Ta zauna da littafi ta rubuta duk abin da take son gaya masa, ta yi kukanta, lokaci ya cika ta rufe ta wanke fuska. Idan tunanin ya zo mata tana kan keken ɗinki da hantsi, sai ta ce masa "sai la'asar". Da fari ba zai ji ba, amma a hankali yakan saba. Abin da aka rubuta ba a aika shi.

Da dare, in ta yi kamar minti ashirin a kwance ido biyu, ta tashi ta zauna wani wuri da fitila mai rauni, ta yi zikiri ko karatu, sai barci ya fara fizgarta ta koma. Dalilin shi ne kada jiki ya koyi cewa katifa wurin saƙa da warwara ce. Shayi mai kauri, kofi da goro a tsayar da su daga azahar, domin rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini bayan kusan awa biyar. Maganin barci na kemis ba tare da likita ba, da tiramol da kodin, kada a kusance su. A 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, kuma baƙin ciki ƙofa ce da ake shiga shaye-shaye ta cikinta.

Ta yaya za a gane tsarin yana aiki? Ba da daina kuka ba. Wajen mako na uku za ta lura ta yi awa guda tana yanka yadi ba ta tuna shi ba, ko ta cinye abincinta. Ranar da ta ji labarinsa a gidan biki kome zai dawo sabo, sai washegari ta tashi a lokacinta kamar kullum.

Amma idan mako biyu suka wuce tana cikin ƙunci kusan dukan yini, kullum, tana ramewa, ba abin da ke mata daɗi, ta kasa aiki, to likita ake nema. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na tarayya a Barnawa, Kaduna, kuma likitan babban asibiti mafi kusa zai iya dubawa ya tura. In kuwa ta fara cewa gara ta mutu, ko wasa ta yi da maganar, ba a jiran mako biyu. A kwashe magunguna da fiya-fiya daga ɗakin, wani ya kwana tare da ita, a kai ta asibiti a ranar.