Imel Ya Tafi da Kuskure: Yadda Ake Rubuta Saƙon Gyara

A ɗauka sakataren wata ƙungiyar ma'aikata ya tura wa mambobi 200 imel cewa kuɗin wata ya koma naira 50,000, alhali naira 5,000 kwamiti ya yanke. Sifili ɗaya ne ya ƙaru, amma ya isa ya ta da hankalin kowa.

Janye saƙon ba kasafai yake yiwuwa ba. A Gmail, maɓallin Undo ba ya wuce daƙiƙa 30 bayan aikawa. A Outlook kuwa, Recall This Message na aiki ne kawai tsakanin ma'aikatan hukuma ko kamfani ɗaya. Idan saƙon ya fita waje, bakin alƙalami ya bushe, sai gyara.

Kafin sakatare ya rubuta komai, ya koma ga rahoton taron kwamiti ya tabbatar da adadin, domin wanda ya yi gyara sau biyu, mutane sun daina yarda da lissafinsa. Daga nan ya tura wa duk waɗanda suka sami na farko, har da waɗanda ya sa a Bcc, a sake sa su a can don kada adireshinsu ya bayyana. Kanun saƙon ya faɗi gyaran kai tsaye, tunda da yawa kanu kawai suke dubawa a waya: "GYARA: Kuɗin wata naira 5,000 ne."

Cikin saƙon kuma ya zama kamar haka:

"Assalamu alaikum. A saƙon da na turo muku yau da safe na rubuta kuɗin wata naira 50,000. Kuskure ne. Daidai shi ne naira 5,000 (dubu biyar). Ranar biya ba ta canza ba. Wanda ya riga ya biya fiye da haka ya tuntuɓi ma'aji a mayar masa da ragowar. A gafarce ni."

A lura, an ambaci kuskuren da daidai ɗin wuri ɗaya, an faɗi abin da bai canza ba, sannan ban haƙuri jimla ɗaya ce.

Idan fayil ne aka liƙa ba daidai ba, a canza wa sabon suna, a kira tsohon da sunansa a ce a goge shi, a kuma buɗe sabon a duba kafin a aika. Amma idan fayil ɗin na ɗauke da albashi ko lambobin asusun bankin mutane, magana ta wuce ban haƙuri. A sanar da shugabanni nan take, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta kai rahoto ga hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan fitar bayanan na iya cutar da masu su.

Ma'aunin saƙon gyara ɗaya ne: wanda bai karanta na farko ba ma ya gane abin da ake so ya yi.